Ranar da Mutum Biyar Suka Taru Suna Yi Mini Tambayar Neman Aiki

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, haifaffiyar Funtuwa, kuma kusan duk rayuwar aikina a ɗakin rigakafi na yi ta: awon yara, ɗiga maganin shan-inna, allurar fenta mai kare yara daga cututtuka biyar, cike kati, da kula da firjin da ake ajiye alluran. Ƙannena da ke fitowa daga makarantun koyon aikin lafiya, duk wadda aka kira intabiyu sai ta bugo mini waya ta ce, "Anti, me zan karanta?" Karatu kam a yi shi. Amma a intabiyun da ya sauya mini rayuwa, duk abin da aka tambaye ni na san shi tun kafin in shiga. Wahalar ita ce mutum biyar ne a gabana, suna jefo tambaya kan tambaya, ɗaya daga cikinsu kuma tun da na yi sallama bai sakar mini fuska ba.

Wata ƙungiya ce da ke tallafa wa aikin rigakafi ta nemi wanda zai riƙa zagaya asibitocin ƙauye yana duba firji da lissafin allurai. A lokacin ina zaune a gida. Aikin kwantiragin da nake yi ya ƙare, na haihu, jinyar mahaifiyata ta biyo baya, sai ga shekara biyu sun wuce ban sa farar riga ba. Wannan giɓin yana nan ɓaro-ɓaro a takarduna, duk mai ido zai gan shi. Maigida ne ya matsa mini in nema. Da aka kira ni, na bi motar asuba ta Malumfashi da Kankiya na shiga Katsina, na sauka gidan wata ƙanwar babana.

Sai bayan azahar layi ya zo kaina. Ban san muhimmancin wannan ba sai daga baya, lokacin da ni ma aka fara sa ni cikin masu yin tambaya. Da safe 'yan kwamiti suna bin tsari, kowa ya jira a ba shi dama. Idan rana ta take, an ga mutum goma sha wani abu, an gaji, ga yunwa, sai tsarin ya kwance. Wannan ya tuna tambayarsa ya jefo, wancan ya ji tsoron kada lokaci ya ƙare bai yi tasa ba shi ma ya jefo. Mai neman aiki sai ya ɗauka shi aka taru a kansa, alhali gajiya ce kawai.

Dogon teburi ne, su biyar a jere, ni kaɗai a kujera ta gabansu. Ciyaman, wani dattijo mai sanyin murya, ya gabatar da su da sauri. Na roƙi izini in buɗe ɗan littafina, ya ce bismilla. Sai na ja layi biyar daidai da yadda suke zaune, daga hagu zuwa dama, na rubuta aikin kowa a kan layinsa: Likita, Akanta, Ciyaman, Hajiya mai kula da ma'aikata, sai na ƙarshe, mai kula da kayan aiki da motoci, wanda ya sa jar dara. Sunayensu sun wuce ni, amma aikinsu ya zauna, kuma shi na fi buƙata. Idan ka san aikin mutum ka san inda tambayarsa ta dosa tun kafin ya gama ta. Likita yaro yake ji. Akanta asara yake ji. Hajiya zaman lafiya tsakanin ma'aikata take ji.

Da Turanci aka yi yawancin maganar, ana ɗan tsoma Hausa, amma zan kawo ta yadda ta zauna mini.

Bayan gabatar da kai, Likita ya ce, "Malama, kin shigo ranar Litinin da safe, kin duba ma'aunin firji kin ga ya nuna digiri 3 ƙasa da sifili a daren Asabar. Me za ki yi?"

Na buɗe baki ke nan Akanta ya ce, "Kuma ki gaya mana yadda za ki shigar da asarar a littafi, da wanda zai ɗauki nauyinta."

Hajiya ta ɗora, "Idan kuma wanda ya yi aikin ƙarshen makon ya girme ki, ya haife ki ma, yaya za ki yi da shi?"

Mai jar dara bai ko ɗago kai daga fayil ɗina ba. Ya ce, "Ku bari tukuna ta fara gaya mana ko ta taɓa riƙe firji. Ni dai abin da nake gani a nan, shekara biyu tana ɗaki."

Ɗakin ya yi tsit. Na ji zafi ya taso mini daga wuya zuwa kunne. A irin wannan lokacin baki yakan so ya bi tambayar ƙarshe, domin ita ce sabuwa a kunne kuma ita ce mai ciwo, sai mutum ya ɓata minti biyar yana kare kansa, sauran ukun su bi iska. Abin da ya cece ni shi ne biron da ke hannuna. Ƙarƙashin kowane layi na rubuta kalma ɗaya: sanyi, littafi, babba, giɓi. Rubutun bai ɗauki daƙiƙa goma ba, amma kafin in gama numfashina ya dawo daidai.

Na dubi Ciyaman, domin shi ne mai ɗakin, na ce, "Ranka ya daɗe, tambaya huɗu na ji. Idan an yarda zan fara da ta Yallaɓai a taƙaice, tunda ita ce ta shafi ko na cancanci amsa sauran. Daga nan in bi su yadda abin yake faruwa a wurin aiki: allura tukuna, sai littafi, sai mutum." Ya gyaɗa kai ya ce, "Ci gaba."

Wannan 'yar jimlar ta yi mini aiki fiye da yadda na zata. Kowa ya ji an ambaci tasa, don haka babu wanda ya sake katse ni don tsoron an manta da shi. Sannan tunda Ciyaman ya amince da jerin, duk wanda ya tsoma baki a tsakiya shi ya katse, ba ni kaɗai ba.

Na juya ga mai jar dara na ce, "Yallaɓai, gaskiya ne, shekara biyu ina gida, haihuwa da jinyar mahaifiyata. Kafin nan ni ke riƙe da firjin asibitinmu, ni ke cike takardar zafi da sanyi safe da yamma, takardar shaidar tana cikin fayil ɗin da ke gabanka, bayan satifiket." Ban ƙara komai ba. Ban ba da haƙuri ba, domin ban yi laifi ba, ban kuma shiga labarin ciwon Inna ba, domin ba tausayi na zo nema ba. Maganarsa tana da ɓangare biyu, akwai habaici akwai tambaya. Tambayar halal ce, duk mai ɗaukar ma'aikaci yana da haƙƙin sanin ko hannunka ya saba da aikin. Ita na amsa, na bar masa habaicin a kan teburi.

Sai na koma kan Likita. A nan ne na gane cewa maganin tambayoyin da suka hau juna shi ne labari ɗaya na gaske da zai ɗauke su duka, maimakon amsa huɗu warwatse. Na ce masa abin da ya kwatanta ya taɓa faruwa a hannuna, cikin hunturu. Firjinmu irin mai buɗewa ta sama ne, wanda ƙasansa ya fi ko'ina sanyi, shi ya sa ake jera fenta da sauran alluran da ba sa son daskarewa a kwandon sama. Wani abokin aiki ya karɓo sabbin kaya ranar Juma'a, kwandon ya cika, sai ya zuba ragowar a ƙasa. Ranar Litinin na tarar ma'auni ya nuna sanyin ya gangara ƙasa da sifili, alhali ƙa'ida tsakanin digiri 2 zuwa 8 ne.

Na faɗa musu abin da na yi bi da bi. Ban yi wa ko yaro ɗaya allura daga ciki ba, ban kuma zubar ba. Na ware kwalaben fenta 40 da ke ciki, na sa musu alamar kada a taɓa, na bar su cikin sanyin da ya dace, na sanar da mai kula da sanyi na ƙaramar hukuma. Sannan muka yi gwajin girgiza. Ana ɗaukar kwalba ɗaya daga rukuni ɗaya da waɗanda ake zargi, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, a sa ta a firiza ta kwana har ta daskare ƙam, a fito da ita ta narke, a rubuta mata alama don kada ta ɓace cikin sauran. Sai a riƙe ta tare da wadda ake zargi a hannu ɗaya, a girgiza su daƙiƙa 10 zuwa 15, a ajiye su gefe da gefe a inda haske yake, a zuba ido. Allurar da ta taɓa daskarewa, sinadarin alminiyam da ke cikinta ya riga ya dunƙule, don haka yakan kwanta ƙasa da sauri ya bar ruwa garau a sama. Lafiyayya kuwa takan daɗe da duhu-duhunta kafin ta kwanta. Idan wadda ake zargi ta kwanta tare da daskararriyar ko ta riga ta, ta lalace. Tunda kayan ba su da yawa, ɗaya bayan ɗaya muka gwada su. Kwalba 14 suka faɗi, 26 suka tsira.

Ina faɗin lambar na juyar da ido kan Akanta, domin an iso gonarsa. Na ce kowace kwalba ta yara 10 ce, wato allura 140 ke nan. Na shigar da su a littafin kaya a matsayin asarar kwalbar da ba a buɗe ba, daban da asarar da ake samu bayan an buɗe, tare da lambar rukuni da ranar ƙarewa da dalili, shugaban asibiti ya sa hannu, aka mayar da su ƙaramar hukuma. Batun wanda zai ɗauki nauyi kuma na ce ba ni ke yanke wannan ba, nawa shi ne rahoton ya fita da gaskiya a ranar. Idan aka mayar da abin cirar albashi, gobe ma'aikaci zai ɓoye, a yi wa yara allurar da ba ta aiki, wannan kuwa ta fi kowace asara tsada.

Daga nan na dubi Hajiya. Na ce mutumin ya girme ni nesa, Baba nake ce masa. Ban yi masa magana gaban mutane ba. Na roƙe shi ya zo ya taya ni gwajin, shi ya riƙe kwalaben da hannunsa ya ga yadda suke kwanciya. Bayan nan shi da kansa ya rubuta takardar da muka liƙa a murfin firjin, mai nuna abin da ake sawa sama da abin da ake sawa ƙasa. Hajiya ta yi murmushi ta sunkuya tana rubutu.

Rubutun nan shi ne abin da ya kamata mai neman aiki ya riƙa lura da shi, fiye da fuska. Kowane ɗan kwamiti yana da takardar maki a gabansa, an raba ta gida-gida: sanin aiki, gogewa, iya magana, zama da mutane, da makamantansu. Kowa yana ba da nasa makin shi kaɗai, a ƙarshe a tara a raba. Wanda ya yi maka tambaya yana jiran abin da zai sa a gidansa ne. Idan ka amsa ka ga biro ya motsa, ka wuce. Idan bai motsa ba, ko dai ba ka taɓo abin da yake nema ba, ko kuma tun farko ba amsa yake nema ba.

Ana cikin haka wayar Ciyaman ta yi ƙara ya fita, ya ɗan jima ya dawo. Yana zama ya ce, "To Malama, idan firji ya samu matsala, mene ne matakinki na farko?" Kusan abin da na gama bayani ke nan. Na ga Likita ya motsa kamar zai ce an wuce nan. Da na ce "ai na riga na amsa", na kunyata dattijo gaban na ƙasa da shi, kuma gidansa na maki ya tashi babu komai. Da na maimaita labarin daga farko, na gundure sauran huɗun. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, ɓangaren sanyi ya yi yawa mun taɓa shi da Likita, a taƙaice warewa da gwajin girgiza. Ɗaya ɓangaren shi ne idan firjin ya mutu zafi ya fara hawa." Na yi bayanin cewa ba a yawan buɗe murfi, a duba alamar zafi da ke jikin kowace kwalba, wadda muke kira bi-bi-em, a kwashe kayan zuwa akwatin sanyi, kuma ƙanƙarar da za a jera a ciki sai an bar ta a waje ta fara narkewa har a ji ruwa na motsi idan an girgiza ta, in ba haka ba wajen gudun zafi a daskarar da fenta. Tambayar da aka maimaita ta zama ƙofar faɗin abin da ban samu faɗi ba.

Ambaton alamar kwalba shi ya ba mai jar dara hanya. Ya ajiye fayil ɗin, ya jingina da kujera, ya ce, "Duk wannan dogon zance na girgiza ɓata lokaci ne. Kowa ya san idan bi-bi-em bai sauya launi ba, allura lafiyarta ƙalau. Ko a makarantarku ba a koya muku haka ba?"

Wannan ita ce tambaya mafi haɗari a ranar, domin abin da ya faɗa ba daidai ba ne, kuma babba ne ya faɗa, da ƙarfin murya, gaban abokan aikinsa. Mu kuwa an rene mu a kan cewa ba a ƙaryata babba. Na san idan na ce "haka ne Yallaɓai" don a zauna lafiya, Likita zai soke ni a take, tunda aikin gaba ɗaya a kan wannan sanin ya tsaya. Idan kuma na ce "ba haka ba ne" tsirara, Hajiya za ta rubuta cewa ba ni da ladabi.

Na nemi inda maganarsa take da gaskiya na fara da nan. Na ce, "Yallaɓai, a kan zafi maganarka dutse ce. Muddin ɗan murabba'in da ke tsakiya ya fi da'irar da ke kewaye da shi haske, zafi bai lalata allurar ba. Idan launinsu ya zo ɗaya ko ya fi ta duhu, an daina amfani da ita. Sai dai ita alamar, zafi kawai take gani, ba ta ganin daskarewa. Kwalabe 14 ɗin nan da na ambata, duk alamarsu fara tas take."

Ya ce, "Wato ni ban san aikina ba?"

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yallaɓai, ban isa ba. Abin da na gani da idona na faɗa, kuma haka yake a littafin horon da ake ba mu."

Ya ce, "Haddace littafi kika yi."

Wannan ba tambaya ba ce, don haka ban amsa ba. Na ɗan sunkuyar da kai alamar na ji, na mayar da idona kan Ciyaman, na yi shiru. Shirun ya yi mini tsawo ƙwarai, har ina jin ƙarar fanka. Amma cike shi ba aikina ba ne. Likita ne ya gyara murya ya ce, "Abin da ta faɗa haka yake," Ciyaman ya ce a ci gaba.

Mutane sukan ce ai irin wannan da gangan ake sa shi, don a gwada haƙurin mutum. Wani lokaci haka ne, musamman a aikin da za ka yi hulɗa da jama'a masu zafi. Amma daga abin da na gani a zaman da na yi daga baya, ana iya bambancewa. Mai gwaji yakan matsa maka a kan aikin, idan ka ba shi amsa mai kyau ya rubuta, tambayarsa ta gaba kuma daga cikin amsarka take fitowa. Sauran 'yan kwamitin ba sa damuwa, domin sun san shirin. Wanda abin ya fito daga zuciyarsa kuwa, idan ka toshe nan sai ya koma can, daga aiki ya koma kan jikinka, bironsa yana ajiye, abokan zamansa kuma su fara kallon teburi ko su gyara zama. Nawa na biyun ne. Tun da na shiga ban ga ya rubuta komai ba. Sanin haka ya sauƙaƙa mini, domin na daina ƙoƙarin shawo kansa. Maki ɗaya ne nasa cikin biyar. Duk amsar da na ba shi daga nan, da shi nake magana amma sauran huɗun nake ba wa abin rubutawa.

Bai ƙyale ni ba. Da aka zo kusan ƙarshe ya ce, "Aikin nan na yawo ne, har da kwana a ƙauye. Ke matar aure ce da goyo. Mijinki zai bari? Ko bayan wata uku za a fara kawo mana uzuri?" Hajiya ta ɗago ta dube shi. A wurare da yawa ba a yarda a yi wa mace irin wannan tambayar ba, tunda ba a yi wa maza, kuma ina da damar in dubi Ciyaman in tambaya ko tana cikin abin da ake aunawa. Na auna na ga a cikinta ma akwai abin da ya shafi aiki, wato ko za a same ni idan an buƙace ni. Na ce, "Yallaɓai, na karanta sharuɗɗan tafiya a sanarwar kafin in nema, kuma na shirya gidana a kansu. Na yi zagayen rigakafin gida-gida a ƙauyukan da mota ba ta shiga sai babur. Ranar da aka sa ni a jadawali za a same ni." Ban kawo sunan maigida cikin zancen ba. Yardarsa tsakanina da shi ce, ba kayan teburin intabiyu ba ce. Da ya ƙara wani abu a kan gidana bayan wannan, to da na miƙa wa Ciyaman maganar, domin daga nan an fita batun aiki.

Akwai wani abu da ya faru tsakanin Likita da Akanta wanda ya kusa ruɗa ni fiye da mai jar dara, saboda su da fara'a suke yi. Likita ya tambaya ko zan buɗe kwalbar allurar ƙyanda saboda yaro ɗaya tak da aka kawo daga nesa. Akanta ya karɓe da cewa ai kwalbar ta yara da yawa ce, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta awa 6 kawai take da shi, ko a tashi aiki, duk wanda ya riga, sauran sai zubarwa, to wa zai biya? Sai na lura ba ni suke kallo ba, juna suke kallo. Tsohuwar gardamarsu ce ta ofis suka shimfiɗa a kaina, kamar kishiyoyi biyu da suka sa baƙuwa ta faɗi wadda miyarta ta fi daɗi. Ban zaɓi mutum ba, na zaɓi ƙa'ida. Na ce abin da aka koya mana shi ne a buɗe, domin uwar da aka mayar yau ba lalle ta dawo ba, kuma an riga an sa kason asara cikin lissafin abin da ake turo wa asibiti. Sannan na ba Akanta nasa: hanyar rage asarar ita ce a tsayar da ranar ƙyanda a mako, a sanar ta bakin mai unguwa da limamai da ungozomomi don yara su taru, a kuma aika a kira na kusa idan an buɗe kwalba. Dukansu biyu suka rubuta.

Da Ciyaman ya ce ko ina da tambaya, ina da ita, kuma ba ta ado ba ce. Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda aka ɗauka, wa zai riƙa kai wa rahoto kai tsaye, kuma wa ke sa hannu a takardar auna aikinsa?" Mutum ɗaya mai ɗaure fuska a cikin kwamiti abu ne na rabin awa. Idan kuwa shi ne zai zama shugabanka, wannan zaman shekaru ne, kuma gara ka sani tun kafin ka ajiye abin da ke hannunka ko ka ɗaga iyalinka. Ciyaman ya nuna Likita. Ya ce mai kula da kayan aiki mota da mai kawai zan riƙa nema a wurinsa. Na yi godiya, na bi su da sallama ɗaya bayan ɗaya har da shi, ya amsa a ciki-ciki.

Ba zan ce wa kowa wannan hanyar tana ba da aiki ba. Na zauna a kwamitin da yarinya ta amsa komai tsaf, amma kujerar tana da mai ita tun kafin a buga sanarwa. Na kuma ga wanda ya jera tambayoyi da kyau, ya yi ladabi, amma da aka zo cikin aikin babu komai, jerin bai cece shi ba. Ni dai Allah ya sa rabona yana wurin. Bayan 'yan makonni Hajiya ta kira ni ta ce in zo in karɓi takarda.

Da na kama aiki na karanta rahotannin wanda na gada, sai na tarar an taɓa asarar fenta mai yawa a hanya, saboda an jera ta da ƙanƙarar da aka ciro kai tsaye daga firiza, kuma sashen mai jar dara ne ya yi lodin. An yi ta takardu a kai kafin zuwana. Ashe labarin kwalabe 14 da na bayar da zuciya ɗaya, a kan gyambonsa ya sauka. Ba mu taɓa tayar da zancen ba, ni da shi. Mun yi aiki tare, gaisuwa da neman mota, wata rana ya bayar da wuri wata rana sai na bi ta wurin Likita. Abin da na roƙa aka yarda shi ne duk ranar lodin allura ina tsaye a wurin, kuma babu ƙanƙarar da ke shiga akwati sai na girgiza ta a kunnena na ji ruwa.